Ta yaya zan ƙirga maganin da ba a ba majinyaci a kan lokaci ba?

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina rubuta takardar shawara kan yadda za mu rage tsallake rabon magani a ɗakin kwanciya mai gado 24. Na tsaya cak a wurin ma'auni.

Na bi katin maganin majinyata na mako biyu. Matsalar ta taru a rabon ƙarfe biyu na rana, daidai lokacin miƙa aiki. Abin da ya ɗaure min kai shi ne gurbin da aka bari ba sa hannu. Wata allurar kashe ƙwayoyin cuta ta duk awa takwas, gurbinta fayau, amma majinyacin ya rantse an yi masa. To, in sa ta cikin wanda aka tsallake, ko in kira ta sakacin rubutu? In na haɗa su, adadin zai kumbura, kuma maganar gaskiya abokan aiki za su ga kamar farautarsu nake yi.

Sai batun jinkiri. Maganin farfaɗiya da insulin ba sa jira kamar ƙwayar ƙarin jini. Ku da kuka taɓa yin wannan aiki, kun ware su daban ne? Minti nawa kuka ɗauka a matsayin latti?