Suna 47 muka tara, har yau ba mu tsayar da ko ɗaya ba

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Mu uku ne muka haɗa manhaja mai tuna wa tsofaffi lokacin shan magani, ni na kawo dabarar tun ina jinyar mahaifiyata ina rubuta mata awanni a bayan kwalin magani, ɗaya ke haɗa manhajar, na ukun kuɗi kawai ya sa amma ya fi kowa baki. Sati uku muna jefa sunaye a guruf har an fara fushi. Wani ya ce wai sai mun rubuta takardar sharuɗɗan suna tukuna. Me ake sawa a ciki? Ni dai nawa "Kar Ka Manta" ne.

Yaya Mai Talla: Ƙanena ku ajiye 47 ɗin nan gefe, kar a sake buɗe su sai kun sa hannu a shafi ɗaya. Layin farko: wa zai furta sunan? Ba ka faɗa mana ba, kuma nan rigimarku take. Tsohuwa ba ita za ta sauke manhajar ba, ɗanta ne zai nema ya sa mata, ita kuma za ta kira shi ta ce "abin nan ya yi ƙara". To mutum biyu gare ku, mai rubutawa da mai faɗa. Ku rubuta haka: ɗa ko 'ya mai kula da iyaye ya iya rubuta shi daga ji ɗaya, dattijo ya iya faɗa ba gyara. Sai salon murya, kar ku rubuta "na zamani, mai jan hankali", wannan ba ya kashe suna ko ɗaya, duk layin da bai iya fitar da suna daga jeri ba ado ne kawai. Ku sa abin da kuke so tare da kishiyarsa: mai ladabi ba mai ba da umarni ba, mai kwantar da hankali ba mai warin asibiti ba. Yanzu ɗora naka a kai. Umarni ne, kuma "ka" na namiji ne, mahaifiyar da ka yi dominta ma "ki" ce.

Maman Biyu: Hmm ni abokan haɗin gwiwar nan nake ji maka. Haka muka yi da wata, wata biyu muna jayayya kan suna, ranar da muka rabu ta tafi da shafin da mabiyan duka. Ku rubuta waye mai sunan kafin komai.

Ɗan Kwamfuta: Takarda ɓata lokaci ce malam. Ka duba wanda domen ɗinsa, wato adireshinsa na intanet, ke sake ka ɗauka, in kuma tsayin suna ake tsoro, App Store ma harafi 30 ya ba ka, ina matsalar?

Yaya Mai Talla: 30 ɗin gaskiya ne, amma a ƙarƙashin tambari a fuskar waya dogon suna yankewa yake da ɗige-ɗige, X kuma 15 ne iyakar sunan asusu. Ni zan rubuta gaɓa 2 zuwa 3, kalma ɗaya, kar ya wuce harafi 10. Ku ƙara da cewa babu harafi mai lanƙwasa, don a adireshi sauke shi za a yi, ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki. Kalmomin da za a guje wa kuwa kowacce da dalilinta a gefe, in ba haka ba mai kuɗin zai dawo da ita ta taga: mantuwa da tsufa suna ci wa dattijo fuska, cuta na tsorata mutum, likita alkawari ne da manhajarku ba ta cikawa.

Mai tambaya: Yaya na gode amma gaskiya ban yarda mantuwa zagi ba ne, ai ita ce matsalar da muke magancewa. Mutum biyar na tambaya duk sun ce ya yi.

Anti Malama: Su waye biyar ɗin, akwai mai shekara 60 a ciki? Amma ni ma ban bi Yaya a kan rufe jerin ba. Ku ɗauko goman da kowa ya ƙi ku tambayi kanku me ya sa, jerin kalmomin gujewar daga nan zai fito da kansa.

Yaya Mai Talla: Anti in suka buɗe shi yanzu kowa zai yanka sharaɗi daidai wuyan sunansa ne, na sha gani.

Mai tambaya: Abokaina ne, amma ai suna da iyaye. To in na mayar da shi "Kar A Manta" fa, ba namiji ba mace? Gaɓa huɗu ne na sani, sai mu rubuta 2 zuwa 4 a takardar.

Ɗan Kwamfuta: Ka duba domen ɗin tukuna dai.