Ɓuntun shinkafa a saman silin: wa ya gwada, yaya ta kaya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na zuba ɓuntun shinkafa a saman silin ɗin ɗakina don rage zafin kwano, kuma gaskiya da rana an samu sauƙi. Amma yanzu silin ya fara yin ciki a tsakiya, da dare kuma ɓeraye sai tsere suke a sama. Ɗakin mita 4 ne da mita 4, silin na falanki mara kauri. Waɗanda suka taɓa yi, ina matsalar take?

Tsohon kafinta: Wa alaikumus salam. Ɗana, kaurin nawa ka zuba?

Mai tambaya: Zai kai santimita 10, Baba.

Tsohon kafinta: To mu yi lissafi. Ɗakinka murabba'in mita 16 ne. Busasshen ɓuntu, in an zuba shi kaurin santimita 10, kowane murabba'in mita yana ɗaukar kilo 10 zuwa 12. Ka ga ka ɗora wa silin kusan kilo 160 zuwa 190, shi kuwa ba don ɗaukar kaya aka yi shi ba. An buga shi ne daga ƙasa, kan ƙusa kaɗai ke riƙe da shi. Ka duba da kyau: in kan ƙusoshin ya fara nutsewa cikin falankin, ya kusa saki. Kaurin da ka zuba daidai ne, kada ka rage. Ka kwashe, a ƙara katako a tsakani yadda tazararsu ba za ta wuce santimita 40 ba, a buga siraran katako daga ƙasa su tallafe gaɓoɓin, sannan ka mayar. In ka hau, katako za ka taka, ba silin ba.

Cikin da ya yi a wuri guda kuma yana sa ni zargin yoyo. Ka tura hannu har ƙasan ɓuntun a daidai wurin. In ka ji sanyi, ko ya dunƙule ya yi baƙi, ruwa ne ke ɗiga, kuma jiƙaƙƙen ɓuntu ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba.

Mai injin casa: Maganar ɓera kuwa tawa ce. Ɓera ba ya cin ɓuntu, ƙaiƙayi gare shi da kaushi. Dusa da gutsattsarin shinkafa yake bi. Ƙananan injina da ke casa a zagaye ɗaya suna fitar da ɓuntu haɗe da dusa, wannan na kiwo ne, ba na silin ba. Ka murza shi a tafin hannu, in ya bar gari mai maiƙo, akwai dusa. Ko ka zuba a bokitin ruwa ka motsa, tsakin shinkafar zai zauna a ƙasa. Nawa sai da na sheƙe, na tankaɗe, na shanya ya bushe ƙarau, na kuma toshe bakin rufin da ragar waya. Iska na shiga, ɓera ba hanya.

Wata 'yar'uwa: Mu karan shinkafa muka shimfiɗa don ya fi sauƙin ɗauka. Ɓeraye suka mayar da shi sheƙa, dole muka sauke. Yayana ya sa zaren ɓawon kwakwa, yana yabawa, sai dai ya ce tsefe shi aiki ne.

Wani ɗan'uwa: Ni kam na fi natsuwa da ɓuntu, tunda ba ya kama wuta sam.

Mai gyaran wuta: A'a Malam, a gyara. Ba ya tashi da harshe kamar kara, wannan gaskiya ne, amma yana ci a hankali ta ciki. Wanda ya taɓa ganin tsibin ɓuntu yana hayaƙi kwana da kwanaki ya san haka. A saman silin wa zai gani? Na taɓa buɗe wani silin na tarar da haɗin waya da aka naɗe da salatif binne cikin ɓuntu, kewayensa ya yi baƙi. Wayar da aka binne ba ta samun inda za ta huce. A sa ta cikin fayif a ɗaga ta sama da ɓuntun, kowane haɗi ya shiga akwatinsa, fitilar da ke cikin silin kuma a kewaye ta da katako a bar mata fili.

Sabon shiga: Ni da siminti na kwaɓa shi na buga bulo, bai yi ƙwari ba.

Mai injin casa: Ba bango ake magana ba, ɗan'uwa, saman silin ne.

Mai tambaya: Na gode. Saura ɗaya: ƙura na zubowa ta gaɓoɓi. In shimfiɗa leda a ƙasa kafin in mayar?

Tsohon kafinta: Ni ba na so. Leda tana tare ruwan yoyo, ba za ka gani ba sai ɓuntun ya ruɓe. Takardar buhun siminti nake sawa.

Mai injin casa: Baba, ni leda na sa, damina ta zo ta wuce ban ga komai ba. Takarda kuma ina tsoron gara.

Tsohon kafinta: Kwanonka sabo ne shi ya sa. Ka leƙa bayan ƙusoshinsa sun fara tsatsa, ka zo ka ba mu labari.