Haɗin 0.9D + 1.0W: me ya sa ƙaramin nauyi zai fi babba haɗari?

Nura: Salamu alaikum. Ina lissafin firam na ƙarfe mai hawa huɗu da ƙa'idar ASCE 7-16, wato ƙa'idar Amurka ta nauyin da gini zai ɗauka. A gindin ginshiƙin gefe, wanda ƙarfen gicciye ya sauka a kansa, nauyin ginin kansa D = 180 kN, na mutane da kaya L = 90 kN, iska W = 210 kN. Na ajiye nauyin rufi gefe saboda kaɗan ne. 1.2D + 1.6L ya ba ni 360, 1.2D + 1.0W + L ya ba ni 516, na ɗauki 516 na zana ginshiƙi da fandisho. Ogana ya dawo mini da takardar, ya rubuta "ina 0.9D + 1.0W?" da jan biro. Ai wannan 372 ne kawai. Me zan yi da shi tunda 516 ya shanye shi?

Injiniya Hadiza: Wa alaikumus salam, ƙanena. 372 ɗin nan ka same shi ne don ka bar iska tana busowa daga gefe ɗaya. Juya ta. Idan ta bugi ginin daga hagu, ginshiƙin dama ne yake shan danniya, na hagu kuma ana ƙoƙarin tumɓuke shi, kamar ka tura kabad daga sama ka ga ƙafafunsa na wajenka sun ɗaga. Idan ta juya, su ma su yi musanya. Saboda haka W ɗinka 210 ne zuwa ƙasa a wani lokaci, 210 zuwa sama a wani lokacin.

```
0.9(180) - 1.0(210) = 162 - 210 = -48 kN
```

Alamar ragin nan tana nufin ana jan ginshiƙin sama da 48 kN. Ga 516 ginshiƙi da fandisho suna neman faɗi da kauri don kada su lanƙwashe ko su nutse. Ga 48 ɗin kuwa abin da zai riƙe ginin shi ne kusoshin da aka binne cikin kankare, da waldar farantin gindi, da nauyin fandishon kansa. Kana iya yin ginshiƙin da zai ɗauki 1000 kN na danniya, ja na 48 ya zare masa kusoshi idan zurfinsu bai kai ba.

Nura: To ai ko a 1.2D + 1.0W + L idan na juya iskar 216 + 90 - 210 ne, saura 96, har yanzu danniya ce.

Injiniya Hadiza: Nan ne tarkon yake. A wannan haɗin ka ƙara wa D kashi 20 cikin ɗari, ka kuma cika ginin da mutane da kaya, sannan ka ce su danne maka shi. Wa ya yi maka alkawarin suna ciki ranar guguwa? Tana iya zuwa da tsakar dare ofis ba kowa, ko kafin masu haya su tare. Shi ya sa haɗin 0.9 ba shi da L sam. Shi kuma D, a inda yake cutar da kai ana kumbura shi zuwa 1.2 ko da ka yi ƙwauron lissafi, a inda yake taimakonka ana rage shi zuwa 0.9 ko da ka yi masa ƙari.

Malam Garba: Maganar Hajiya daidai ce, sai dai lambar iska. Mu 0.9D + 1.6W muka sani. Da shi ja zai zama 162 - 336, wato 174 kN. Yaro, kada ka rage wa iska ƙarfi.

Injiniya Hadiza: Malam Garba, 1.6 na bugun 2005 ne. Daga bugun 2010 aka mayar da shi 1.0, amma ba rangwame aka yi wa iska ba, an shigar da ninkin ne cikin taswirar gudunta. Wurin da tsohuwar taswira ta ba 90 mph, wato mil 90 a awa, ta 2010 ta ba shi kusan 115 ga gini na yau da kullum. Matsin iska yana tafiya da gudu sau gudu, kuma 115 bisa 90 idan ka ninka shi da kansa kusan 1.6 ne. Abu guda ne aka canja masa aljihu.

Amma ƙin gaskiya sai ɓata, tambayarka ta tono abin da ya fi komai muhimmanci. Nura, gudun iskar da ka fitar da 210 daga ina ka samo shi? Idan daga taswirar 7-16 ne, 48 ɗinka ya tsaya. Idan kuwa gudu ne na guguwar da ake sa ran ta sau ɗaya a shekara 50, irin wanda tsofaffin ƙa'idoji suke amfani da shi, ka ɗora masa 1.0, to 174 na Malam ne ya fi kusa da gaskiya, kuma ka yi kuskuren fiye da ninki uku.

Nura: Daga wani tsohon fayil na ofis na kwafo shi. Gobe zan tambaya.

Bala Mai Walda: Ni dai abin da na sani, a ƙara ƙusa a kwano a ɗaure katakon rufi da waya. Na ga rufin da iska ta ɗauke sukutum ta ajiye a bayan gida.

Sadiya: Baba Bala, gindin ginin ake magana, ba kansa ba, ko da yake ciwon iri ɗaya ne. Ni abin da ya taɓa kama ni manhaja ce. Na rubuta haɗin 0.9 ɗin da kyau, amma iskar gefe ɗaya kawai na saka, ga ginin ba daidai wa daida yake ba, gicciyen yana ɓangare guda. Teburin sakamako ya fito fes, babu ragi ko ɗaya. Sai da mai duba aiki ya ce in nuna masa mafi ƙanƙantar lamba a kowane gindi, ni kuwa mafi girma kawai nake fitarwa. Yanzu kowane haɗi mai W sau huɗu nake yin sa, gaba da baya a tsawon gini, gaba da baya a faɗinsa. Idan gini mai gicciye mara nauyi bai nuna mini ja ko'ina ba, nakan zargi kaina kafin in yi murna.

Injiniya Hadiza: Saura abu ɗaya, Nura. Buɗe 180 ɗin nan ka ga me ke ciki. Mukan cusa wa D ƙari don kwanciyar hankali: bangon raba ɗaki da za a iya cirewa, tankin ruwa a cike, injin da ba a saya ba tukuna. A haɗin 1.2 wannan ƙarin kariya ne, a haɗin 0.9 yaudarar kai ce. A ce 30 kN daga ciki irin wannan ne, D na gaskiya 150, ja ya koma 135 - 210, wato 75 kN.

Yanzu sauka ƙasa. Fandisho mai mita 2 sau 2, kauri 0.6, da kankare mai 24 kN a kowace mita kubik, nauyinsa 57.6 kN. Shi ma D ne, sai an ninka shi da 0.9, ya zama kusan 52. Ya riƙe 48 da ƙyar, 75 kuwa ya fi ƙarfinsa. Kusoshin kuma ba ruwansu da nauyin fandisho, tunda yana ƙarƙashinsu, su 75 ɗin gaba ɗaya za su sha.

Malam Garba: Ga ƙasar da aka cike a kan fandishon fa? Mita ɗaya kawai ta ba shi abin da ya fi 60 kN. Ni ina ƙirga ta.

Sadiya: Ni ba na ƙirgawa, Malam. Ranar da mai aikin famfo ya haƙa rami a gefen ba zai kira ka ba.

Malam Garba: Idan an zuba daɓen kankare a kai wa zai haƙa?

Nura: Tawa dai tana wajen gini, ba daɓe a kanta. Zan ƙara kaurin fandishon, amma sai na ji asalin gudun iskar nan tukuna.