Na'urori tara a bokis, shida kawai na sani

Alhaji Laminu: Salamu alaikum jama'a. Bokis ɗin wifi na shagona nan kusa da kasuwar Dole, forfe na ƙarewa tun wata bai raba ba. Yaro ya buɗe mini shafin bokis ɗin a 192.168.8.1, muka ga na'urori tara, alhali wayoyinmu da ordinatar shida ne. Yaya zan gane sauran ukun?

Sani Zango: Alhaji, abin ba wuya. Ka toshe lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura, ta duk wadda ba ka sani ba, ka ɓoye sunan rezo, shike nan.

Malam Habu: Wa alaikumus salam Alhaji. Sani, dakata da toshewa tukuna, kar a toshe wayar mai gida. Da farko a duba wane jeri ake kallo. Jerin DHCP, wato na adireshin da bokis ya raba wa na'urori, yana riƙe na'ura har wa'adin adireshinta ya cika, galibi awa 24, ko da ta bar wurin tun jiya. Wanda ake so shi ne na waɗanda ke haɗe yanzu, Appareils connectés. Sai ku kashe wifi a waya ɗaya, ku sabunta shafin, ku ga layin da ya ɓace, ku rubuta sunan mai ita a takarda. Haka har shidan su ƙare.

Alhaji Laminu: An yi, Malam. Ɗaya dama tana cikin waɗanda ba su haɗe ba, ta wani baƙo ce. Saura waɗannan:

```
192.168.8.103  DA:4F:21:xx:xx:xx  5GHz
192.168.8.107  76:0B:9C:xx:xx:xx  2.4GHz
```

Malam Habu: Madalla. Ku dubi harafi na biyu na kowace lamba: A a ta sama, 6 a ta ƙasa. In ya zama 2, 6, A ko E, ba lambar masana'anta ba ce, na'urar ce ta ƙirƙiro ta da kanta. Wayoyi suna haka tun Android 10 da iOS 14. Don haka neman kamfani da haruffa shida na farko ba zai ba da komai ba a nan, kuma toshewar da Sani ya ce ba ta ɗorewa: mutum ya canza saitin lambar a wayarsa, ya dawo da sabuwa, tunda kod na hannunsa. Kuma waya tana ba kowane sunan rezo lamba dabam. In bokis ɗinku na da suna biyu, na 2.4 da na 5, waya ɗaya za ta iya barin layi biyu. Alhaji, ku shiga bayanan kowane rezo a wayarku ku gwada lambar da ta 103.

Alhaji Laminu: Wallahi tawa ce, ta koma kan na 5 bayan mun gama ƙidaya. Saura 107.

Hajiya Rabi: Malam, ni ma ina da tambaya. A wannan shafin zan ga abin da yara ke kallo a waya?

Malam Habu: A'a Hajiya, ƙananan bokis ɗin nan ba sa nuna wannan, iyakarsu wa ya haɗu da kuma yaushe. Alhaji, ku nemi Journal système, inda bokis ke rubuta abin da ya faru, in naku yana da shi, ku bi layukan da 107 ta fito. A wasu bokis ɗin za ku ga kalmar DHCPACK, wato lokacin da aka ba ta adireshi. Amma a kula, na'ura kan sabunta adireshinta ne a rabin wa'adi, kusan awa 12, saboda haka rashin layi ba ya nufin ba ta nan.

Isufu mai gyaran waya: Ƙari a kan na Malam. Yawancin bokis ɗin nan in wuta ta ɗauke, abin da suka rubuta ya goge, agogonsu ma sai ya sami rezo yake daidaita. In ka ga layi da shekarar da ta wuce tuni, kar ka gaskata awar. Ka ɗauki hoton shafin da yamma kafin rufe shago, da safe ka sake ɗauka. In bokis yana nuna tsawon lokacin haɗuwa, ya ma fi sauƙi: wadda ta kwana haɗe shago a rufe, ko abu ne da ke cikin shagon, ko maƙwabci na bayan bango.

Sani Zango: To ɓoye sunan fa, yaya Isufu?

Isufu mai gyaran waya: Wayar da ta riga ta san sunan da kod za ta iya shiga. Kuma ba sai an faɗa wa mutum kod ba, yaron shago ya nuna masa QR ya isa. Alhaji, a canza kod mai tsawo, harafi 12 ko fiye, tsaro a kan WPA2, a kashe WPS, wato haɗawa ba tare da rubuta kod ɗin wifi ba, a canza na admin ma. Sannan ka sa wa kowa da hannunka, ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji Laminu: Na canza da la'asar, 107 ba ta dawo ba. Sai dai yaron ya ce telen shago ta daina kama intanet.

Malam Habu: Ba a ƙidaya ta cikin shidan ba ke nan. Amma ina shakka, tele galibi da lambarta ta asali take fitowa. Ku sa mata sabon kod, ku turo mana lambar da za ta nuna.