Kafin ka biya kuɗin kwastan, duba inda aka ɗora kason

Na tattara abin da 'yan kasuwarmu na Gombe masu shigo da kaya ta tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas suka faɗa kan takardar lissafin haraji da ejan mai fito da kaya ke turowa. Duk bakinsu ɗaya, kwastan a Najeriya ba a kan kuɗin kaya kaɗai suke ɗora haraji ba, sai an haɗa kuɗin kayan da kuɗin jirgi da inshora tukuna a cire kaso.

Wani Alhaji mai kayan gini ya buga misali. A ce kaya na dala 10,000, jirgi 1,500, inshora 100, jimla 11,600. In harajin kashi 20 ne, dala 2,320 kenan, amma in ejan ya ɗora kan 10,000 kawai zai rubuta maka 2,000, ka ji daɗi wai an samu sauƙi, sai kaya sun iso a ce biya bai cika ba, kwantena na zaune kuɗin ajiya na hawa kullum.

Ɗaya ɓangaren kuma, ni shi ya fi ba ni haushi. In takardar mai sayarwa ta ce CIF, to jirgi da inshora suna ciki, in aka sake ƙara 1,600 ka biya harajinsu sau biyu. In FOB ta ce, sai an ƙara. CFR kuma inshora kaɗai ya rage.

Wani ya ce kuɗin tirela daga Legas zuwa Gombe ba ya shiga lissafin, kuma a duba canjin dala, na kwastan ake amfani da shi ba na 'yan canji ba.