Fassara matakan kulle inji kafin gyara: abin da aka tsayar

Mun zauna da wasu masu gyaran inji da masu fassara kan yadda za a mayar da matakan kulle inji zuwa Hausa, kuma kalmar "kashe" ce ta fi cin lokacinmu. Wani tsohon makaniki ya ce idan aka rubuta "a kashe inji", ma'aikaci zai danna maɓallin tsayawa ne kawai ya zura hannu, alhali wuta na nan. Sai aka yarda a raba su: tsayar da inji daban, yanke wuta daga babban makunni daban. Bayan nan ma'aikaci ya rataya kwaɗonsa a makunnin, makulli a aljihunsa, ya manna katin gargaɗi mai sunansa. Idan mutum 3 ke aikin, kwaɗo 3 za a gani.

Wata mai fassara ta ja kunne kan ragowar ƙarfi. Kada a ce "wuta" kawai, domin iskar da ke cikin bututu da man haidurolik da ƙarfen da aka ɗaga sama duk suna iya motsa inji bayan an yanke lantarki. A ambaci kowanne da sunansa.

Ni abin da ya fi damuna shi ne matakin ƙarshe, wanda ake yawan gajarce shi: a danna maɓallin kunnawa a tabbatar injin bai tashi ba, sannan a mayar da maɓallin kan OFF. Rubutun jikin maɓalli kamar OFF a bar shi yadda yake, kuma a rubuta "dole", ba "ya kamata" ba.