Don Allah a taimaka min da tsarin darasin koyar da karatu da Hausa ga 'yan aji ɗaya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Shekarata uku ina koyar da aji huɗu, bana aka mayar da ni aji ɗaya saboda mai ajin ta tafi hutun haihuwa, ba a ma tambaye ni ba, a taron malamai na ji. Yara 58 ne, benci bai ishe su ba. Hedimasta ya ce in fara musu karatu da Hausa kafin Turanci, kuma yana son ganin tsarin darasina ranar Litinin. Yaran sun haddace ABCD tun daga rabin aji, kullum da safe muna rerawa, amma ko "baba" ba sa iya karantawa. Na rasa ta inda zan fara.

Tsohon hedimasta: Wa'alaikumus salam 'yata. Waƙar nan ta safe ita ce farkon matsalarki. A cikinta harafin a sunansa "e", harafin e sunansa "i", harafin i kuma "ai". Yaron da ya haddace haka, in kin nuna masa ba zai ce miki "bi-e". Sauti za ki koya musu, ba sunan harafi ba, kuma kada ki bi jerin a, b, c. Fara da n da a, domin da su kaɗai ana samun na, nan, Nana, har jimla: Nana na nan.

Ga yadda za ki raba minti 40. Minti biyar na farko babu allo, kunne kawai: ki faɗi nama, nono, noma, gida, su tafa in sun ji kalma ta fara da nnn. Minti goma ki rubuta n babba a allo, ki furta ke kaɗai, ku furta tare, sannan su furta ba ke. Minti goma na haɗa gaɓa: n a hannun hagu, a a dama, ki matso da su a hankali har su zama na. Minti goma su rubuta, ko a ƙasa da tsinke. Biyar ɗin ƙarshe ki karanta musu gajeren labari ki yi tambaya biyu. Harafi biyu a mako ya isa. Mako na biyu m da k, sai ga mama, kaka, nama, kama.

Mai tambaya: Na gode Baba. Amma waƙar ba zan iya dainawa ba, iyaye suna jin ta daga bakin ƙofa, ita ce shaidar ana karatu. Kuma harafi biyu a mako ai sai shekara ta ƙare ba mu gama ba.

Wata malama daga Bauchi: Malama, nemi littafin Mu Karanta, wanda aka yi amfani da shi a Bauchi da Sakkwato. Jagoran malami yana da darasin kowace rana a rubuce, aikin malami, aikin malami da ɗalibai, aikin ɗalibai. Mu dai namu littattafan yaran sun yayyage, an yi mana alƙawarin sababbi shiru, yanzu yara biyar ke kan littafi ɗaya, sai mai duba makarantu ya zo yana tambayar me ya sa ba sa bin layi da yatsa. Da yatsan wa?

Wani uba: Ni ban gane ba. Yaro yana jin Hausa tun a gida, me za a koya masa kuma? Jarrabawa da Turanci ake yi. Na cire ɗana daga wata makaranta saboda wannan, zango guda yana dawo min da "Nana na nan".

Tsohon hedimasta: Alhaji, jin harshe daban, karanta shi daban. Abin da yaro ke koya a aji ɗaya shi ne cewa zanen da ke kan takarda magana ce. In ya haɗa na da ma ya ji nama, ya san abin da ya karanta, ya san ya yi daidai. In kalmar Turanci ce, ko ya furta daidai ba shi da yadda zai sani, sai ya koma hadda. An gwada wannan a Ife daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta, aka koyar da yara shekara shida da Yarbanci, Turanci yana darasi guda, kuma ba su kasa takwarorinsu a Turancin ba.

'Yata, lissafinki bai yi ba. Wasula biyar ne, in kin haɗa da baƙaƙe har su ɓ, ɗ, ƙ, sh, ts, a zango biyu kin gama. Gaggawar me kike yi?

Malamin Islamiyya: Baba, a yi haƙuri, ni ban yarda da furta baƙi shi kaɗai ba. Nnn da mmm suna jawuwa, amma b fa? Ko k? Yaro zai ce "bu", sai ya haɗa da a ya ce "bua". Mu da ba be bi bo bu muka koya, kuma mun iya. Yaran nan da yamma suna yin ba, bi, bu da fataha da kisira da rufu'a, gaɓa ba baƙuwarsu ba ce.

Tsohon hedimasta: Shi ya sa na ce n da m tukuna. Ba be bi bo bu kuwa waƙa ce ita ma. Rubuta su a hargitse, bo ba bu bi, ka nuna ta tsakiya, ka ga nawa za su amsa. Malama, haka za ki riƙa gwaji duk Juma'a: yara biyar, ɗaya bayan ɗaya, gaɓoɓi a hargitse, babu amshi. Wanda ke kallon bakinki maimakon allo bai fara karatu ba.

Malama daga Bauchi: Tsaya, duk yaran Hausa suke yi a gida?

Mai tambaya: Kusan goma Fulani ne daga ruga, wasunsu ba sa magana sam. Na ɗauka kunya ce.

Malama daga Bauchi: To wannan ai da shi za ki fara! Su Hausar ma harshe na biyu ce. Ki zaunar da kowanne kusa da mai jin duka biyun, kafin ki rubuta nama ki tabbata sun san abin da ake nufi.

Tsohon hedimasta: Wannan ba zai canza tsarin ba. Turanci kuma a bar shi a baki kawai, gaisuwa da sunayen abubuwa, minti goma, ba rubutu sai sun iya karanta layi uku na Hausa ba tuntuɓe.

Mai tambaya: Jadawalinmu yana da Turanci kullum da littafin rubutu da iyaye suka riga suka saya, ba ni na tsara ba. Kuma minti 30 ne darasin, ba 40 ba. Ina ganin zan ci gaba da waƙar da safe, in yi na Baba bayan tara. Wanne zan rage a cikin biyar ɗin?

Malamin Islamiyya: Labarin.

Malama daga Bauchi: Kada ki kuskura, shi kaɗai ne 'yan rugar za su tsinci Hausa a ciki. Rage rubutun.

Wani uba: Har yanzu ba wanda ya faɗa min yaushe za a fara Turancin.